Yadda Za Ka Rubuta Tallar Waya Mai Jan Hankali Ba Tare Da Ka Yi Ƙarya Ba

Idan ka buɗe WhatsApp da yamma ka bi sitatus na abokanka a Daura, da wuya ka gama ba ka ci karo da tallar waya ba. Kusan duka kuma kalamansu iri ɗaya ne: "Sumul kamar sabuwa. Batir kwana biyu. Kyamara ta ƙarshe. Ba matsala ko ɗaya. Sai mai rabo." Ko itel ce ko Samsung, ko ta shekara ɗaya a hannu ko ta shekara huɗu, yabon bai canzawa.

Irin wannan talla tana da illa biyu. Ta farko, ba ta sayar da kaya, domin ido ya saba da ita har ya daina tsayawa a kanta. Ta biyu, idan ma ta sayar, takan dawo wa mai ita da rigima. Wanda ya karanta "batir kwana biyu" ya biya kuɗinsa, ya ga wayar ta mutu kafin isha'i, gobe da safe yana ƙofar gidanku. Daura kuwa ba Legas ba ce da za ka sayar wa mutum kaya ku rabu har abada. Za ku haɗu a masallacin Juma'a, za ku haɗu a wurin ɗaurin aure, wataƙila ma yayansa abokin yayanka ne.

Da yawa suna zaton zaɓi biyu ne kawai: ko ka zuzuta kaya da abin da ba haka ba, ko ka rubuta busasshen bayani wanda ba ya jan kowa. Akwai hanya ta uku, ita ce za mu bi a yau, da waya guda ɗaya tun daga gwaji har zuwa rubuta tallar.

Me ke sa talla ta yi armashi?

Kalmomin yabo ba su ne ke sa talla ta yi rai ba. Abin da ke sa ta yi rai shi ne mai karatu ya hango kansa riƙe da kayan yana amfani da su. "Batir mai ƙarfi" ba ya nuna wa kowa komai, domin kowa haka yake cewa. Amma idan ka rubuta cewa ka cire ta daga caji bayan sallar asuba, ka yini kana WhatsApp da kallon bidiyo, magariba ta yi tana da kashi 30, mai karatu ya ga yininsa a ciki. Ya san ko zai ishe shi ko ba zai ishe shi ba.

Ka lura da wani abu a nan. Jimla ta biyu ta fi ta farko jan hankali, kuma ita ce ta fi kusa da gaskiya. Ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne ka yi gwajin da gaske kafin ka rubuta. Saboda haka aikin talla mai kyau ba a kan allon rubutu yake farawa ba, a kan wayar da za a sayar yake farawa.

Wayar da za mu yi misali da ita

Mu ɗauka kai ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, kana da Tecno Spark 10 Pro da ka saya sabuwa, yanzu kana son ka sayar ka cika kuɗi ka sayi wata. An taɓa canza mata gilashi sau ɗaya bayan ta faɗi, akwai ɗan tabo a kusurwa, cajar da ta zo da ita ta lalace ka sayi wata, amma kwali da rasit suna nan.

Duk abin da za ka faɗa game da wayar nan, daga wuri uku zai fito, kuma raba su shi ne ginshiƙin aikin.

Na farko, abin da kamfani ya faɗa. Spark 10 Pro ta fito a 2023, fuskarta inci 6.8, batirinta 5,000mAh, tana karɓar caji na wat 18, kyamarar baya 50MP, ta gaba 32MP, tana ɗaukar layi biyu, kuma 4G ce. Waɗannan bayanai ne na ranar da ta fito daga kwali.

Na biyu, abin da kai ka gwada da hannunka a wannan makon. Wannan shi ne halin da wayar take ciki yanzu.

Na uku, ra'ayinka. Kana ganin hotonta na da kyau, kana ganin tana da daɗin riƙo. Ba laifi ka faɗa, amma ka faɗe shi a matsayin ra'ayi.

Yawancin ƙaryar da ake yi a talla ba da gangan ake ƙirƙirar ta ba. Tana shigowa ne idan aka cakuɗa waɗannan ukun. Mutum zai kwafo 5,000mAh daga bayan kwali ya rubuta kamar haka batirin yake har yau, alhali batir na raguwa da yawan caji, kuma zafin Afrilu da Mayu irin namu yana ƙara gajiyar da shi. Ko ya ɗauki ra'ayinsa ya mai da shi hukunci, ya ce "ta fi iPhone kyamara". Lambar gaskiya ce, jin daɗinsa ma gaskiya ne, amma abin da mai saye ya fahimta ba gaskiya ba ne.

Gwajin yini ɗaya kafin ka rubuta komai

Ka fara da tantance wace waya ce a hannunka. Ka shiga Settings, ka nemi My Phone ko About phone, ka duba sunan samfurin da yawan RAM da girman ma'adana. Spark 10 Pro akwai mai 128GB akwai mai 256GB, don haka kada ka rubuta daga ka. Sannan ka danna wannan a wurin kira:

```
*#06#
```

Lambar IMEI za ta fito. Ka gwama ta da wadda ke jikin kwali. Idan sun yi daidai, ka samu jimla mai ƙarfi da za ka sa a tallarka, domin babban abin da mai sayen waya ta hannu yake tsoro shi ne ya sayi ta sata. Ba sai ka wallafa lambar a sitatus ba, ka bari sai mai saye ya zo ku duba tare.

Sai batir. Ka cika shi ɗari bisa ɗari, ka rubuta lokacin da ka cire, ka yi amfani da wayar yadda ka saba, kada ka lallaɓa ta don sakamako ya yi kyau. Da magariba ka ɗauki hoton fuskar wayar yana nuna kason da ya rage. Idan kana son gwaji mai sauri, ka sa haske a rabi, ka kunna bidiyon da ke cikin wayar na awa ɗaya cif, ka ga kashi nawa ya tafi. Daga nan ka auna caji: minti nawa take ɗauka daga kashi 20 zuwa 80 da cajar da za ka haɗa wa mai saye.

Bayan haka ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ka sa layi a kowane gurbi ka yi kira. Ka gwada sifika da makirfo da saƙon murya. Ka gwada wurin sa yatsa da ke gefe. Ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai ɗigo ko layi a gilashi. Ka girgiza wayar caji kaɗan ka ga ko cajin yana yankewa, domin ƙurar hunturu takan cika ramin caji. Ka ɗauki hoto uku: ɗaya a rana, ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya da dare.

A misalinmu, mu ce ga abin da ka samu. Ta 128GB ce mai RAM 8GB. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 7 na yamma batir ya sauka zuwa kashi 30. Caji daga 20 zuwa 80 ya ɗauki kusan awa ɗaya da rabi, domin cajar da ka saya ba mai sauri ba ce. Hoton rana ya fita tas, na dare ya yi dishi-dishi. Sauran komai lafiya. Waɗannan su ne kayan aikinka, kuma ba za ka ƙara komai a kansu ba.

Mayar da lamba ta zama amfani

Yanzu ne za a sa wa tallar gishiri. Mafi yawan masu saye ba su damu da mAh ko MP ba, abin da suke tambaya a zuci shi ne: me wannan zai yi mini? Don haka kowace lamba ka tambaye ta wannan tambayar, ka rubuta amsar da harshen wanda kake son ya saya.

Ɗauki ma'adana. Maimakon ka tsaya a "128GB", ka goge kayanka ka duba nawa ne ya rage a fili, domin tsarin wayar kansa yana cin wani kaso. Idan ka ga kusan 100GB, ka yi lissafi mai sauƙi: fim ɗin da ya kai 1GB, za ta ɗauki kusan ɗari. "Za ta ɗauki finafinai kusan 100 masu nauyin 1GB" magana ce da kowa zai gane, kuma lissafi ne da ba wanda zai ƙaryata.

Ɗauki layi biyu. A wani gari ba abin faɗa ba ne, amma a ƙasar Daura abin faɗa ne. Mai zirga-zirga tsakanin Mai'adua da Kwangwalam, ko mai 'yan uwa da abokan ciniki a tsallaken iyaka, yakan riƙe layin Najeriya da na Nijar. A gare shi, "ka sa layin gida da na Nijar a waya ɗaya" ya fi "Dual SIM" ma'ana nesa ba kusa ba. Sai dai ga iyakar da ba za ka tsallake ba: kada ka ce "tana kama sabis ko'ina". Sabis ya dogara da kusancin turken sadarwa da kamfanin layin, ba wayar kaɗai ba. Abin da za ka iya cewa shi ne inda kai ka gwada: "Ina samun 4G a cikin garin Daura da layina." Idan mai saye daga wani ƙauye na Baure ko Zango yake, ka ce masa ya zo da layinsa, kuma ya san cewa sabis ɗin garinsu daban ne.

Ɗauki kyamara. "50MP" ba ya tabbatar da kyan hoto, domin haske da girman idon kyamara da manhajar da ke sarrafa hoton duk suna da hannu. Abin da ya fi kowace lamba shi ne hoton kansa. Ka je bakin rijiyar Kusugu ko ƙofar fada da hantsi ka ɗauka, ka sa a tallar, ka rubuta a ƙasa cewa da wannan wayar aka ɗauka, ba a gyara ba. Gani ya kori ji. Wurin da mutane suka sani ya fi, domin sun san ainihin launinsa, za su iya yi wa kyamarar hukunci da kansu.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata ka yi tun farko: wa kake rubuta wa? Waya ɗaya ce, gaskiya ɗaya ce, amma abin da za ka sa a gaba ya bambanta. Ɗalibi yana son babbar fuska don karanta takardu da batirin da zai kai shi ƙarshen lacca. Mai sayar da atamfa ko turare daga gida tana son hoton da zai fito da launin kayanta. Ɗan kasuwa mai zuwa kasuwar Mai'adua yana son layi biyu da sifika mai ƙara. Zaɓen abin da za ka fara da shi ba yaudara ba ne. Yaudara ita ce ɓoye abin da ka san da mai saye ya ji zai sake shawara.

Lambobi uku da ke jefa mutane cikin ƙarya ba su sani ba

Na farko shi ne RAM. Za ka ga an rubuta 16GB a tallar wannan waya, wani lokaci da ƙaramin rubutu "8+8". Ainihin RAM ɗinta 8GB ne. Sauran takwas ɗin aro ne daga ma'adanar wayar ta wani tsari da Tecno ke kira Memory Fusion, kuma ma'adana ba ta kai RAM na gaske sauri ba. Yana ɗan taimakawa wajen riƙe manhajoji a buɗe, amma bai mai da wayar daidai da mai 16GB na asali ba. Idan ka rubuta "RAM 16GB" ka yi shiru, ka sa mutum ya fahimci abin da ba haka ba. Ka rubuta "RAM 8GB, ana iya ƙara mata 8GB na aro daga ma'adana". Wanda ya san waya zai ga ka san abin da kake sayarwa.

Na biyu shi ne saurin caji. Wayar na karɓar wat 18, amma sai da cajar da ke bayar da hakan. Tunda taka ta asali ta lalace, "caji mai sauri" ba gaskiya ba ne game da abin da za ka miƙa wa mai saye. Ka faɗi abin da ka auna, ka ƙara da cewa da caja mai wat 18 za ta fi haka sauri.

Na uku ya shafi masu sayar da fawa-banki. Wanda aka rubuta masa 20,000mAh, mutane sukan raba da 5,000 su ce zai cika waya sau huɗu. Ba haka lissafin yake ba. Waccan lamba an auna ta ne a kan ƙarfin batirin ciki, wato bolt 3.7. Kafin wutar ta fita sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko sama, wayar kuma ta sake sauke ta, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Shi ya sa fawa-banki mai kyau na 20,000mAh yakan cika waya mai 5,000mAh kamar sau biyu da rabi zuwa uku. Jabu kuwa ko hakan ba ya kaiwa. Ka gwada naka, ka rubuta abin da ka gani. "Na cika Spark 10 Pro sau biyu, saura ɗigo ɗaya" ya fi "sau huɗu" amfani gare ka, domin na farko ba zai dawo maka ba.

Yadda ake faɗin aibi ba tare da an kashe ciniki ba

Nan ne mutane suka fi jin tsoro. Suna ganin idan suka ce an canza gilashi, ba wanda zai tambaya. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Mai saye zai kai wa mai gyara ya duba, ko a gabanka ko bayan kwana biyu, kuma mai gyara yana ganin wayar da aka taɓa buɗewa zai gane. Idan daga bakinsa aka ji, kai maƙaryaci ne, kuma duk sauran abin da ka faɗa ya rushe. Idan daga bakinka aka ji, kai mai gaskiya ne, kuma maganarka a kan batir ta samu daraja.

Akwai dabara a yadda ake faɗa. Ka sa aibin a tsakiya, bayan ka nuna amfanin wayar, kafin farashi. Ka faɗe shi a taƙaice da iyakarsa: mene ne, a ina yake, me ya shafa, me bai shafa ba. "An canza gilashi sau ɗaya bara, yana amsa taɓi lafiya, amma haskensa a rana bai kai na asali ba." Kada ka yi ta ban haƙuri, kada kuma ka rage masa nauyi da "ɗan abu ne kawai" alhali ba ɗan abu ba ne. Sannan ka haɗa shi da farashi, domin mai saye ya ga cewa an riga an cire masa kuɗin aibin.

Akwai abubuwan da faɗinsu wajibi ne ko ba a tambaye ka ba: an taɓa buɗe wayar ko canza wani abu a ciki, ta taɓa shiga ruwa, tana zafi ko mutuwa da kanta, ko kuma a kan bashi aka saye ta ba a gama biya ba, domin irin wannan ana iya kulle ta daga nesa a hannun wanda bai ci ba bai sha ba. Haka batun garanti. Garantin kamfani yana da wa'adi daga ranar saye, kuma wayar da ta shekara biyu a hannu nata ya wuce. Idan kai ne za ka ba da damar gwaji, ka faɗi kwana nawa da sharaɗinsa, kada ka rubuta "da garanti" ka bar mutum yana zaton na kamfani ne.

Ga tallar kafin gyara da bayan gyara

Yadda aka saba rubutawa:

"Tecno Spark 10 Pro, sumul kamar sabuwa. RAM 16GB. Batir kwana biyu. Caji mai sauri. Kyamara 50MP ta ƙarshe. Ba matsala ko ɗaya. Sai mai rabo."

Idan ka ƙirga, akwai magana biyar a ciki da ba za ka iya karewa ba: kamar sabuwa, RAM 16GB, kwana biyu, caji mai sauri, da ba matsala ko ɗaya.

Ga yadda za ta zama bayan gwaji:

"Wayar da za ta kai ka magariba da caji ɗaya. Tecno Spark 10 Pro, 128GB, RAM 8GB.

Jiya na cire ta daga caji ƙarfe 6 na safe, na yini ina WhatsApp da kallon bidiyo, ƙarfe 7 na yamma tana kashi 30. Hoton shaida na nan a gaba. Fuskarta babba ce, inci 6.8, ana karanta takardun makaranta ba tare da matse ido ba. Layi biyu take ɗauka, ga mai riƙe na gida da na Nijar. Hoton Kusugu da ke biye da ita na ɗauka, ban gyara ba. Da rana hotonta tas, da dare sai da haske.

Abin da ya kamata ka sani: an canza gilashi sau ɗaya, yana aiki lafiya amma haskensa a rana bai kai na asali ba. Akwai tabo a kusurwar ƙasa, ga shi a hoto na huɗu. Cajar ba ta asali ba ce, tana ɗaukar awa ɗaya da rabi daga kashi 20 zuwa 80. Saboda waɗannan na rage kuɗin.

Ni na saye ta sabuwa, kwali da rasit suna nan, IMEI ya yi daidai. Ina cikin garin Daura. Ka zo da layinka da mai gyaranka ku duba kafin ka biya."

Sai ka sa farashinka a ƙarshe, a fili. Ɓoye farashi da cewa a biyo ka ta ciki yana korar masu saye na gaske, yana tara maka masu tambaya kawai.

Ka duba yadda aka gina ta. Layin farko alkawari ne guda ɗaya da ka riga ka gwada, kuma shi ya fi muhimmanci, domin a sitatus dogon rubutu yakan yanke, mutum sai ya taɓa kafin ya ga sauran. Bayansa hujja, sai amfani, sai aibi, sai abin da zai kwantar da hankali, sai gayyata. Ba kalmar "ta ƙarshe", ba "sumul", amma wanda ya karanta ya san wayar kamar ya riƙe ta. Jimlar ƙarshe kuma, wadda ke cewa a zo da mai gyara, ta fi kowane rantsuwa ƙarfi, domin mai ɓoye wani abu ba ya faɗin haka.

Hoto da murya ma magana ce

Ana iya yin ƙarya ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. Idan ka ɗauko hoton sabuwar waya daga intanet ka ɗora a kan tallar ta hannu, ka yi da'awar da ba haka ba. Haka idan ka riƙe ta yadda yatsanka zai rufe tabon, ko ka sa wa hoton gwajin kyamara kwalliya. Ka goge wayar da ƙyalle, ka ajiye ta a kan farar takarda a inuwa mai haske, ka ɗauki gaba da baya da gefe, da fuskarta a kunne, da wurin tabon daga kusa. Tsabta da haske mai kyau halal ɗinka ne, domin suna nuna abin da ke akwai ne.

Da yawa daga masu saye a garuruwanmu sun fi son saƙon murya a kan karatu. A nan ne baki ke zarcewa. Mutum ya rubuta gaskiya, amma da ciniki ya yi zafi sai ya ce "wallahi ko sau ɗaya ba ta taɓa ba ni matsala ba". Ka tuna saƙon murya yana nan a ajiye, kuma shi za a kunna wa mutane ranar da rigima ta tashi. Abin da ba ka rubuta ba, kada ka faɗa.

Haka batun gaggawar ƙarya. "Saura ɗaya", "wani na hanya da kuɗi", "yau kawai", idan ba haka ba ne, ƙarya ce kamar kowace. Sitatus na ɓacewa bayan awa 24, amma mutanen da ke ganin "yau kawai" ɗinka kullum ba sa mantawa. Idan akwai dalilin gaggawa na gaske, misali kana son ka biya kuɗin makaranta kafin ƙarshen mako, ka faɗe shi yadda yake.

Idan kayan ba naka ba ne

Matasa da yawa a Daura dillanci suke yi. Wani ya saro daga kasuwar Farm Centre a Kano ya turo hotuna, kai ka ɗora ka ci la'ada. Matsalar ita ce mai saye kai ya sani, ba mutumin Kano ba. Idan wayar ba ta zo hannunka ba, ba ka da ikon cewa "na gwada". Ka rubuta "mai kayan ya ce", ka nemi ya turo maka bidiyon wayar a kunne yana nuna shafin bayananta, kuma ka yi sharaɗin cewa za a duba kafin a kammala biya. Kalmar da ake yawan liƙa wa wayoyin hannu, wato London used, ita ma ba ta faɗin komai game da lafiyar waya. Idan ba ka san tarihinta ba, ka faɗi halin da take ciki kawai.

Doka ma ta san da wannan. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa game da kayan sayarwa. Ka lura da kalmar "mai ɓatarwa". Ba sai maganar ta zama ƙarya tsagwaronta ba, ya isa a ce an tsara ta ne don mai saye ya fahimci abin da ba haka ba, kamar RAM 16GB ɗin nan.

Tacewa ta ƙarshe kafin ka tura

Idan ka gama rubutawa, ka karanta jimla bayan jimla, kana ɗauka cewa mai saye na tsaye a gabanka da wayar a hannunsa yana cewa "nuna mini". Wadda za ka iya nunawa a Settings, ko a hoto, ko a rasit, ta zauna. Wadda ra'ayinka ce, ka sa mata "a ganina". Wadda ba za ka iya nunawa ba, ka goge ta ko ka koma ka gwada. Ka fi sa ido a kan kalmomi irin su "ko'ina", "kullum", "ba ta taɓa", "ta fi kowace" da "orijina", domin su ne ƙofar da ƙarya ta fi shigowa.

Daga nan ka yi tambaya ta ƙarshe: akwai abin da na sani wanda da ni ne mai saye zan so a faɗa mini? Idan akwai, ka ƙara shi. Sannan kafin ka miƙa wayar, ka cire asusunka na Google kafin ka goge ta gaba ɗaya, don kada ta nemi kalmar sirrinka a hannun sabon mai ita bayan kun rabu.